Abin da ke bayan bakin hoto

Hoton waya a kwance yake zuwa, bangon littafi kuwa a tsaye yake. Duk wanda ya taɓa haɗa ɗan littafi irin wannan da ke hannunka ya san rigimar. Kana da hoto mai kyau, mai faɗi, amma takardar da za ka ɗora shi a kai doguwa ce siririya. A da hanya biyu ce. Ko ka yanke gefe da gefe ka zubar da rabin abin da ya sa ka so hoton, ko ka bar shi ƙarami a tsakiya da fari sama da ƙasa. Akwai masu jan hoton da ƙarfi har ya cika takarda, mutanen ciki su koma kamar raƙuman dawan Kure, amma wannan ba ma ƙirga ta cikin hanyoyi.

Tun 2023 an samu ta uku. A watan Mayu na shekarar kamfanin Adobe ya saka wani abu cikin Photoshop na gwaji, a watan Satumba ya fito da shi ga kowa cikin siga ta 25. Idan Photoshop ɗinka da Faransanci yake, kamar na yawancinmu, za ka ga an rubuta Remplissage génératif. Na Ingilishi kuma Generative Fill. Ka faɗaɗa filin hoton ya wuce bakinsa, ka shata wurin da babu komai, ka danna Générer, cikin ƴan daƙiƙoƙi sai ga sama ta ƙaru, ƙasa ta ƙaru, kamar mai hoton ya ja da baya taku biyar kafin ya ɗauka.

Kalmar "kamar" ɗin nan ita ce duk maganata. Mai hoton bai ja da baya ba. Abin da ke bayan bakin hoto kamara ba ta gan shi ba, ba ya ɓoye cikin fayil ɗin, kuma babu na'urar da za ta tono shi. Tsohon abin cike gurbi da ke cikin Photoshop tun 2010, wato Remplissage d'après le contenu, ɗiba yake yi daga cikin hoton kansa ya liƙa a gurbin, shi ya sa yakan maimaita dutse ɗaya sau uku. Sabon ba haka yake ba. Yana tura hotonka ta intanet zuwa injinan Adobe, inda wata na'ura mai suna Firefly, wadda aka horar da tarin hotuna, take zana abin da ya fi kama da a ce shi ne a wurin. Zane ne sabo fil. Wani lokaci ƙiyasin nata ba ya cutar da kowa, wani lokaci kuma ƙarya ce tsagwaronta mai kyan gani. Aikinka shi ne ka san wane bakin hoto ne ke ɗaukar ƙiyasi.

Bari in bi da ku ta aiki ɗaya da na yi, don lissafin ya zauna. Hoton wani gida ne a unguwar Birni ta Damagaram, irin masu zane a fuska da zankwaye a kai, an ɗauke shi da waya da safe cikin hazon hunturu. Girmansa fiksel 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. Bangon littafin namu A5 ne, rabin takardar A4, wato milimita 148 da 210. Idan ana son ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin ɗab'i da aka saba, wannan ya zama fiksel 1748 da 2480.

Abu na farko, kuma wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne a rage hoton kafin a ƙara masa komai. Na shiga Image, Taille de l'image, na mayar da faɗin 1748. Tsayin ya sauko da kansa zuwa 1311. To ka gani, ana buƙatar 2480, akwai 1311, saura 1169. Kusan rabin bangon ke nan za a ƙirƙira. Na raba shi yadda rubutu zai samu wuri: 900 a sama, inda sunan littafi zai zauna, 269 a ƙasa.

Me ya sa ragewa ta zo farko? Saboda a siga ta 25, wadda na yi aikin da ita, abin da na'urar ke zanawa a dannawa ɗaya ba ya wuce fiksel 1024 a kowane gefe. Idan wurin da ka shata ya fi haka, ba za ta ƙi ba, ba za ta ma yi maka gargaɗi ba. Za ta zana ƙaraminta ta buɗa shi ya cika wurin, kamar a ɗauki hoton fasfo a mayar da shi na rataye a ɗaki. A ƙaramin allo komai lafiya lau. A takarda sai ka ga gidan tsaf, abin da aka ƙara kuma dishi-dishi. Da na bar hoton a 4000, da gurbin ya kai fiksel 2675 a tsayi, da sai na yanka shi gida goma sha biyu ko fiye kafin kowane yanki ya shiga ƙarƙashin iyakar. Da ragewa, gida huɗu suka ishe ni. Kuma bambancin ba na lokaci ba ne kawai. Abin ba ya aiki sai da intanet da rajistar Adobe ta biya, a wasu nau'o'in rajistar kuma kowace dannawa tana cin kiredi daga cikin kason da ake ba ka a wata. Photoshop ɗin nan da ake zuba wa mutane daga kile a bakin kasuwa, kada ma ka wahalar da kanka, maɓallin ba zai amsa ba.

Bayan ragewa sai faɗaɗa fili. Na danna ɗan kwaɗon da ke kan fallen hoton don ya saki, saboda wurin da za a ƙara ya fito fayau mai ƴan murabba'ai, ba fari ba. Sai Ctrl+Alt+C, wanda ke buɗe Taille de la zone de travail. A nan akwai wani ɗan akwati mai gida tara da kibau. Gidan da ka danna, nan hoton zai tsaya, filin ya ƙaru ta ɗaya wajen. Na danna gidan tsakiya na ƙasa na sa tsayi 2211, sama ta buɗe da 900. Na sake buɗewa, na danna na tsakiya na sama na sa 2480, ƙasa ta buɗe da 269. Akwai gajeriyar hanya ta abin yanke hoto, ka ja bakin waje ka bar Photoshop ya cike duka a tashi ɗaya, ita suke kira Développement génératif. Tana da daɗi ga hoton da za a tura a waya. Ga abin da zai hau takarda na fi son in riƙe awon da hannuna.

Wani abu da ke sa mutane su yi ta zagin kwamfuta a banza: idan hoton yana cikin CMJN, launin masu ɗab'i, maɓallin zai yi toka-toka ya ƙi dannuwa. Sai an mayar da shi Couleurs RVB. In mai ɗab'i na son CMJN, a juya masa bayan an gama.

Yanzu shata. Na ɗauki abin shata murabba'i, harafin M, na ja rabin hagu na gurbin sama. Ban tsaya daidai bakin hoton ba, na ci fiksel 40 cikin samar gaskiya. Wannan ɗan cin shi ne ɗinkin. In ka shata gurbin kawai, sau da yawa wani siririn layi yakan fito a mahaɗar, kamar tabon reza. In kuma ka ci da yawa, to ka sani duk abin da ke cikin shatar za a sake zana shi, har da na gaskiyar. A hoton nan kan zankwayen yana ƙasa da bakin da kamar fiksel 120, don haka 40 ba ta taɓa su ba. Shatar ta zo kusan 914 da 940, ƙasa da 1024 ta kowane gefe. Akwatin rubutu na bar shi wayam, na danna Générer.

Barin akwatin wayam ba lalaci ba ne. Idan ba ka rubuta komai ba, na'urar tana duba abin da ke kewaye ta ci gaba da shi. Da ka rubuta kalma, sai ta ɗauka abin kake so a zana maka a wurin, ta kawo shi da ƙarfinsa. Kuma ba ta cika jin "kada" ba. Ka rubuta mata "sans oiseaux", abin da ta kama shi ne tsuntsaye, kada ka yi mamaki in ta jero maka garke. In dole sai an rubuta, a rubuta sunan abin da ake so cikin kalma biyu ko uku, a tsaya.

Kowace dannawa zaɓi uku take bayarwa, suna fitowa a Propriétés, kuma suna zama a kan sabon falle nasu, hoton asali yana ƙasa ba a taɓa shi ba. A cikin ukun farko, ɗaya ya ƙara shuɗi yana hawa sama har da ɗan girgije, abin da duk ɗan Damagaram ya san ba ya faruwa da safiyar hazo. Na biyu ya jawo wayar lantarki da ke gefen hoton ya ci gaba da ita, ta tafi ta ƙare a tsakiyar iska ba turke. Na uku fari-fari ne mai ƙura, babu komai cikinsa, shi na ɗauka. Sai rabin dama, inda na ci 40 cikin hoton da kuma 40 cikin yankin da na gama, don su san juna. Ƙasa ma haka, gida biyu, rairayi da ɗan tsakuwa.

Kafin ka ce ka gama, danna Ctrl+1 ka kalli mahaɗar a girmanta na gaskiya. Abu uku nake nema. Na farko ƙwayar hoton. Hoton waya yana da ɗan tsaki-tsaki ko a cikin sama, abin da na'ura ta zana kuwa sumul yake kamar an goge da mai. Maganinsa a mayar da fallen ya zama fiksel zalla, a shiga Filtre, Bruit, Ajout de bruit, a sa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, a zaɓi Monochromatique. Na biyu inuwa. Rana tana gabas a hoton, inuwar komai ta kwanta wajen guda, don haka duk dutsen da aka ƙara a ƙasa in inuwarsa ta juya wani wajen, a kore shi. Na uku wata dabara ce da ta dace da mu masu fotokopi: a ɗora Niveaux na ɗan lokaci, a matse baƙi da fari sosai har hoton ya yi muni. Duk mahaɗar da ido bai gani ba za ta fito ɓaro-ɓaro. Injin fotokopi abin da yake yi ke nan, yana ƙara wa baƙi baƙi yana cinye tsaka-tsaki. Bambancin launi yakan ɓace a baƙi da fari, wannan rangwame ne gare mu, amma bambancin haske yakan ƙaru. In mahaɗar ta tsira daga wannan matsi, za ta tsira daga injin.

Har zuwa nan raina bai ce komai ba. Samar hazo ɗaya ce ko a Birni ko a Zango, rairayi ma haka. Ba wanda zai zo ya ce an yi wa samar gidansu ƙarya.

Maganar ta canza ne da wani ɗan ƙungiyarmu ya kawo shawara, kuma shawara ce mai kyan ji. Tun da bangon takardar A4 ce guda da ake naɗewa biyu, me zai hana a ci gaba da katangar gidan ta hagu har ta zagaya bayan littafin? Ya ce, "Ɗan'uwa, ai dannawa ce kawai, gwada mu gani mana." Na ce mu fara da lissafi. A4 a kwance fiksel 3508 ne da 2480. Hoton gaskiya 1748 da 1311. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bangon ne kawai kamara ta gani, sauran ukun na'ura ce. Duk da haka muka gwada yanki ɗaya, don gani ya kori ji.

Abin da ya fito, wallahi, yana da kyau. Launin ƙasar ya yi daidai, tsagewar katanga ta yi daidai, hasken safiya ya kwanta yadda ya kamata. Sai ka matso. Zanen fuskar gidan Hausa yana da ƙa'ida: layin dagi yana shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito ta sama ya dawo ya rufe kansa, dama tana amsa hagu, kuma adon ya fi taruwa ne a kewayen ƙofar zaure, inda baƙo ke tsayawa. A yankin da aka ƙirƙira, layukan sun fara da kyau a kusa da mahaɗar, suka yi ta narkewa suna nisa, wani ya shige cikin wani bai fito ba, wani ya tsaya a hanya. A zaɓi na biyu an buɗe taga mai baka wadda ta fi kama da ta wata ƙasa can arewacin hamada. A na uku an jera zankwaye kusa-kusa kamar haƙoran zarto. Adobe ya ce ya horar da Firefly da hotunan rumbunsa na Adobe Stock da waɗanda lasisinsu ya halatta da waɗanda suka zama na kowa. A ganina gidajen Birni ba su da yawa a irin wannan taro, shi ya sa in ta rasa sai ta ranto daga duk wani ginin ƙasa da ta taɓa gani.

Wata ƴar ƙungiyarmu da mahaifinta magini ne ta nuna masa a waya. Bai tsaya kan zanen ba ma. Ya ce, "Ɗiyata, wannan katanga ina indararonta? Ruwan soron ta ina zai sauka? Wanda ya gina wannan, damina ɗaya ta ishe shi." Mu duka mun yi ta kallon ado, ba wanda ya lura cewa tsawon katangar nan babu mazubin ruwa ko ɗaya.

Wani zai ce to mene ne, bangon ɗan littafin ɗalibai ne, kwafi nawa ma ake bugawa? Ni abin da ya tsaya mini shi ne wannan. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Gidajen zane ma kowace damina tana ɗaukar nata, wasu kuma masu su ne ke rushewa su sa siminti. In gini ya tafi, hoto ne ke zama shaida. Yaron da zai yi bincikensa na jami'a nan da shekara ashirin, ko maginin da za a ce ya mayar da zanen yadda yake, abin da ya samu shi zai riƙe, kuma takardun fotokopi suna da tsawon rai a cikin akwatunan mutane fiye da yadda muke zato. Adobe yana da wani tsari, Content Credentials, mai liƙa bayani cikin fayil cewa an yi amfani da na'urar ƙirƙira. Amma bayanin cikin fayil yake. Da hoton ya hau takarda ya bi ta injin fotokopi, shi ke nan, katangar ƙarya da ta gaskiya tawada ɗaya ce. Gasar hotunan jarida ta World Press Photo ba ta karɓar hoton da aka yi wa irin wannan cike, kuma na fahimci dalilinsu, ko da yake mu ba ƴan jarida ba ne, bango muke haɗawa.

Don haka yanzu kafin in ja kowane baki nakan duba abin da bakin ya yanka. In ya ratsa ta sama, ko rairayi, ko ruwa, ko bayan da ya riga ya yi dishi-dishi, sai in ja. In ya ratsa ta zanen gini, ko rubutun allon shago, ko jikin mutum, ba na ja. Na mutum ya fi zafi. An taɓa kawo mini hoton wani dattijo da ya rasu, bakin hoton ya yanke masa kafaɗa da hannu, ana so a cika don a sa a firam. Na'urar za ta ba shi hannu, babu shakka, wataƙila har da agogon da bai taɓa ɗaurawa ba, ta kuma ƙarasa aikin babbar rigarsa da zaren da babu maɗinkin da ya taɓa sakawa. Jikokinsa za su tashi suna kallon hannun wani. Na ƙara masa fili a saman hula kawai, inda labule ne a baya, kafaɗar na bar ta yadda mai hoton ya yanka.

Ko a bakin da ya halatta, fallen da na'urar ta samar yana zuwa da abin rufe fuska nasa, Masque de fusion. In ɗan cin da ka yi ya taɓa wani abu na gaskiya, ka ɗauki buroshi baƙi ka shafa a kan wurin, na asalin zai dawo daga ƙasa. Na yi haka a ƙasan hoton gidan, inda shatar ta ɗan lashi gindin dakalin ƙofa ta gyara masa wata karaya da yake da ita tun asali. Karayar ta dawo wurinta.

Bayan littafin mun bar shi fari, da sunayen marubuta. Fayil ɗin PSD mai fallayensa yana ajiye tare da hoton asali na 4000 da 3000, a kile biyu daban. A cikin bango kuma, ƙasa da sunan wanda ya ɗauki hoton, mun sa layi ɗaya da ƙananan haruffa: samar da ke bisa zankwaye da rairayin da ke ƙasa da dakali an ƙara su da na'ura, ginin kuwa yadda kamara ta gan shi ne.